Babi na Biyar: Nawa Ne Kuɗin Firiza Idan Ta Iso Gida?

Mu ɗauki wata mata mai sana'ar zoɓo da kunun aya a unguwar Hotoro da ke Kano. Kullum tana sayen ƙanƙarar naira 2,500 don sanyaya robobinta, yanzu kuma ta kwashi adashi tana so ta sayi firizar kwance mai cin lita 200. Wurare huɗu ne a gabanta: shago a kasuwar Sabon Gari, ɗakin baje kolin babban dilan kamfanin, kantin intanet irin Jumia ko Konga, da wani ɗan kasuwar Alaba ta Legas da ta ga tallarsa a Jiji. Farashin da zan kawo duk na misali ne, domin kuɗin kayan lantarki yana bin dala, ba ya zama wuri ɗaya. Lissafin shi ne abin riƙewa, shi ba ya tsufa.

A zagayen farko ga abin da ta ji. Mai shagon Sabon Gari ya ce 365,000. Dila ya liƙa 360,000 a jikin firizar. Kantin intanet ya rubuta 329,000, ga wani 410,000 a gefe an ja masa layi. Mutumin Alaba ya ce 305,000. Duk wanda ya kalli waɗannan alƙaluman zai ce ai magana ta ƙare, a tura wa na Legas kuɗi. Ni kuwa na ce ko ɗaya daga cikinsu ba farashin firiza ba ne tukuna. Farashinta shi ne jimillar abin da ya fita daga jakar matar nan har zuwa lokacin da firizar ta tsaya a ɗakinta, an jona ta, ta yi sanyi, kuma tana da wurin kai kuka idan ta tsaya bayan wata uku.

Kafin a taɓa kuɗi ma, akwai tambayar da yawancin masu saye suke tsallakewa: shin waɗannan firizoji huɗun iri ɗaya ne? Sunan kamfani da yawan lita ba su isa shaida ba. Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost, Nexus, Midea, kowannensu yana da samfuri fiye da ɗaya masu kusan girma guda, kuma a hoto da wuya ka bambance su. Abin da yake raba su shi ne lambar samfuri, wato haruffa da lambobin da ke kan takardar da aka manna a baya ko a gefen firizar, kuma aka buga a jikin kwali. Harafi ɗaya a ƙarshen lambar yana iya nufin cewa wannan mai kwamfuresar inbata ce, waccan kuma ta gargajiya ce, kuma tazarar kuɗinsu tana iya kai dubun dubata. Don haka aikin farko shi ne ta ɗauki hoton wannan takardar a shagon da ta fara shiga, sannan ta nemi kowane mai sayarwa ya nuna mata tasa. Na intanet ta duba ƙarƙashin bayanin kaya, na Legas kuma ya turo hoton takardar da ke jikin ainihin firizar da zai ɗora a mota, ba hoton da ya sauko da shi daga shafin kamfani ba.

Takardar nan tana faɗin wasu abubuwa biyu da suka shafi aljihu kai tsaye. Na farko shi ne yawan lita, wanda ake rubutawa iri biyu: `Gross` shi ne faɗin cikin gaba ɗaya, `Net` kuma shi ne wurin da kaya za su iya zama a zahiri. Masu talla sun fi son na farkon domin ya fi girma. Idan wani ya tallata da lissafin farko, wani da na biyu, za ka ga kamar kaya ɗaya ne farashi daban, alhali ɗaya ta fi ɗaya cin robobi. Na biyu shi ne ajin yanayi. Harafin `T` yana nufin an ƙera ta don ta yi aiki a zafin da ya kai digiri 43, `ST` zuwa 38, `N` kuwa zuwa 32 kawai. A Kano, inda zafin watan Afrilu yake haura 40, firiza mai `N` za ta wuni kwamfuresarta na gurnani ba hutu, ga shan wuta, ga rashin sanyi. Irin waɗannan an fi samunsu cikin kayan gwanjo da aka yi wa ƙasashe masu sanyi. Idan farashi ya faɗi ƙasa sosai ba tare da dalili ba, nan ne wuri na farko da nake dubawa.

To, a ce duka huɗun lambarsu ɗaya. Yanzu sai a bi kowace hanya har ƙofar gida.

A Sabon Gari 365,000 buɗe baki ne. Mai shago ya san za a taya, ita ma ta san ya sani.

“Alhaji, a duba mana. Na ga irinta sak a waya 329,000.”

“Hajiya, waccan kafin ta zo hannunki ki tambaye su kuɗin mota. Kawo 350,000, don dai ke ce.”

“345,000 na zo da su.”

“Albarka... To shi ke nan, Allah Ya sa alheri, na sallama.”

A lura da abin da ya sauko da shi: farashin intanet ɗin da ta nuna masa. Ko mutum bai da niyyar saye ta waya, duba farashin can kafin shiga kasuwa yana ba shi abin riƙewa a wajen ciniki. Sai dai bayan sallama akwai saura. 'Yan dako za su fito da firizar daga lungun shagon zuwa bakin titi, 2,000. A-kori-kura zuwa Hotoro, 7,000. Yaran unguwa da za su kama a shigar da ita ɗaki, 2,000. Kuɗin A Daidaita Sahunta na zuwa kasuwa da zagayen tambaya, 2,000. Jimilla 358,000. Idan kuma wani yaro ne ya tare ta tun daga bakin ƙofar kasuwa yana “Hajiya me ake nema?” ya kai ta shagon, to la'adarsa tana cikin farashin, ko da ba ta ga an miƙa masa komai ba, kuma mai shago ba zai sauko kamar yadda zai sauko da ita kaɗai ta shigo ba.

Yadda za ta biya ma yana da kuɗinsa. Idan daga asusunta ta tura kai tsaye, cajin banki da harajin naira 50 da ake cira a kan turin da ya kai 10,000 ba su taka kara sun karya ba, duka-duka ɗari da 'yan kai. Matsalar tana zuwa ne idan asusun nata yana da iyakar abin da zai iya fitarwa a rana, aka ce ta je wurin mai POS. Shi yana caji ne gwargwadon yawan kuɗi, kuma a kan dubu ɗari uku da wani abu zai iya karɓar dubbai. Wannan abu ne da ake warwarewa da banki tun kwana ɗaya kafin a fita.

A wurin dila ba a ciniki sosai, 360,000 ɗin nan kusan ita ce. Amma tambayoyi biyu suna iya juya lissafin. Ta farko: harajin VAT yana ciki? Tun watan Fabrairun 2020 harajin nan ya koma kashi 7.5 cikin ɗari. Wanda ya faɗi 335,000 ba tare da shi ba, idan aka zo rubuta rasit zai ɗora 25,125, kaya su koma 360,125. Yawancin manyan shaguna suna liƙa farashi da harajin a ciki, amma tambaya ba ta cin ko kwabo. Ta biyu: su ne za su kai? Dilolin da yawa suna da motarsu, wasu suna kai manyan kaya kyauta a cikin gari, wasu suna karɓar wani abu. A misalinmu, a ce kyauta ne, da yaransu da za su shigar da ita. Sai a ƙara kuɗin motarta 2,000, ya zama 362,000. Wanda da farko ya zo na biyu a tsada, yanzu naira 4,000 kacal ce tsakaninsa da kasuwa.

Sai kantin intanet. Wannan 410,000 da aka ja wa layi, a manta da shi. Babu tabbacin an taɓa sayar da firizar a haka, kuma ba da shi za ta kwatanta ba, da farashin maƙwabta za ta kwatanta. Wannan ya fi muhimmanci a watan Nuwamba, lokacin gangamin rangwamen da ake kira `Black Friday`: wanda ya rubuta farashin kaya tun watan Oktoba shi ne zai iya gane ragin gaske daga na ado. Kuɗin kawowa kuma ba ya fitowa daidai sai an zaɓi jiha da unguwa, wani lokaci ma sai an danna `Add to cart` an je shafin biya. Ana lissafa shi ne da nauyi da girman kaya da kuma nisan inda suke, kuma manyan kaya da yawa daga rumbun Legas suke tasowa. A ce 24,000 ya fito. Direba zai sauke a ƙofar gida, shigarwa ɗaki aikinta ne, 2,000. Jimilla 355,000, wato ƙasa da kasuwa da 3,000, ƙasa da dila da 7,000.

A nan ne kuɗin da ba a rubuta a ko'ina ba yake shigowa, kuma a ganina shi ne mafi girma ga mai sana'a: jira. Ta kasuwa da ta dila yau za su kwana a gidanta. Ta intanet an ce kwana 10. A kwanakin nan goma za ta ci gaba da sayen ƙanƙarar 2,500 kullum, wato 25,000. Sai 355,000 ta koma 380,000, mafi araha ta zama mafi tsada. Ga wanda yake sayen firiza don ajiye naman Sallar da saura wata biyu, jiran ba ya cin komai, kuma kantin intanet ɗin ne ya fi masa. Kaya ɗaya, farashi ɗaya, amma amsar ta bambanta saboda masu sayen ba buƙatarsu ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a fahimta game da waɗannan kantunan. Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara aiki a 2012, ba su ne masu dukan kayan da ke shafinsu ba. Kasuwa ce suka shimfiɗa, 'yan kasuwa dabam-dabam suka baje koli a ciki. Shi ya sa za ka ga firiza ɗaya sau uku da farashi uku. A gefen kowane kaya akwai sunan mai sayarwa da makin da masu saye suka ba shi. Wanda aka rubuta wa `Official Store` shagon kamfanin ne ko wakilinsa, kuma ko ya ɗara sauran da 'yan dubbai, garantinsa ya fi tabbas. A karanta sharaɗin mayar da kaya kafin a biya, ba bayan an biya ba: wa'adin gajere ne, galibi kamar mako guda, kuma ana so kaya su koma da kwalinsu da duk abin da suka zo da shi. Yaran gida kuwa ba sa barin babban kwali ya kwana biyu, don haka a ɗaga shi sama. Zaɓin `Pay on Delivery`, wato biya bayan kaya sun iso, yana rage fargaba matuƙa, amma ba a kowane kaya ko kowace unguwa ake ba da shi ba.

Jiji wani abu ne dabam. Allon talla ne kawai: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, amma ba ya riƙe kuɗi, ba ya kawo kaya, kuma shi kansa yana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Haka masu talla a Instagram da Facebook da WhatsApp. Mutumin Alaba yana iya zama ɗan kasuwa na ƙwarai, kuma arahar tasa tana da dalili, tunda kusa yake da tashar jiragen ruwa da rumbunan kamfanoni. Sai dai tsakanin Legas da Kano akwai kimanin kilomita 1,000, kuma hanyar da aka saba ita ce wayabil: a ɗora kaya a motar haya ko babbar mota, a ba ka lambar direba. A ce 30,000 ne kuɗin motar. A tashar Kano za a karɓi na sauke kaya da na fita, 3,000. A-kori-kura 7,000, shigarwa ɗaki 2,000. Jimilla 347,000. Tazarar 55,000 da ta gani tsakaninsa da dila a zagayen farko ta dawo 15,000, tun kafin a sa kwanakin jira. Idan kwana huɗu motar ta yi, ƙanƙarar 10,000 ta sake cinye kashi biyu cikin uku na ragowar.

Ko da mun bar ta a 15,000 ɗin, mene ne matar nan take sayarwa a kan wannan kuɗin? Tana tura 305,000 ga mutumin da ba ta taɓa gani ba, sannan tana ɗaukar alhakin duk abin da ya sami firizar a hanya. Firiza ba buhun shinkafa ba ce. Idan aka kifa ta ko aka jingine ta a kaikaice don a sami wuri, man kwamfuresa yana gangarawa cikin bututun gas. Idan aka ɗora mata kaya masu nauyi, murfin yana lanƙwasa, robar bakinsa ta daina kamawa, sanyi ya riƙa zurarewa. Idan siririn bututu ya tsage, gas ya fita, firizar za ta kunna, fitila ta kama, amma ba sanyi. A irin wannan hali mai sayarwa zai ce lafiya ya ɗora ta, direba zai ce shi kwali aka ba shi, asarar kuma ta zauna a Hotoro. Ana iya auna wannan da lissafi mai sauƙi: 15,000 a cikin 347,000 kusan ɗaya ne cikin 23. Ma'ana, idan a cikin masu irin wannan cinikin su 23 mutum ɗaya kawai ya rasa kuɗinsa gaba ɗaya, ribar da sauran suka samu ta tafi a kansa. Ni ba zan shawarci macen da adashinta ke nan ta shiga wannan layin ba. Wanda yake da ɗan'uwa a Legas da zai je Alaba da ƙafarsa, a jona firizar a gabansa, ya karɓi rasit, ya tsaya a ɗora ta a tsaye, wannan lissafinsa dabam ne, domin ya cire rabin haɗarin.

Garanti shi ne ya raba Sabon Gari da dila, kuma a nan 4,000 ɗin da ke tsakaninsu take samun ma'ana. Kalmar “akwai garanti” a baki ba ta gyara kwamfuresa. Abin da yake aiki shi ne katin garanti da aka cike da kwanan wata da hatimin shago, da rasit mai ɗauke da lambar samfuri da lambar ainihin firizar, wadda ta yi daidai da ta jikinta. Sannan a tambaya: idan ta lalace, wa zai zo, daga ina, kuma wa zai biya kuɗin ɗaukarta? Kamfanin da yake da wurin gyara a Kano ya fi wanda sai an aika Legas, ko da shekarun garantinsu ɗaya ne a takarda. Shaguna da yawa a Sabon Gari daga wurin dilolin kamfani suke sarin kayansu, kuma katinsu yana aiki lafiya lau. Idan Alhajin nan ya cike kati ya buga hatimi ba tare da jan rai ba, 358,000 ɗinsa ciniki ne mai kyau. Idan ya ce “ai ba sai an rubuta ba, Hajiya, ni ina nan”, ko rasit ɗinsa yana ɗauke da rubutun cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, to 4,000 ba ta kai a yi jayayya a kanta ba, ta koma wurin dila. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani, kuma irin wancan rubutun ba ya soke wannan haƙƙin. Amma bin haƙƙi yana cin lokaci da kuɗin mota, kuma ba a fara shi ma sai da rasit a hannu.

Saura kuɗin da yake kan kowace hanya daidai, wanda ba ya sauya wanda ya fi araha amma yana iya barin mutum da firiza a ɗaki babu halin kunnawa. Sitabilaiza ce. Wutarmu tana zuwa da rauni, tana ɗaukewa ta dawo cikin daƙiƙa, kuma kwamfuresar da aka tilasta wa tashi nan take bayan ta tsaya ita ce take ƙonewa. Garanti kuma galibi ba ya ɗaukar ɓarnar da wuta ta yi. A nemi mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna, a ware mata kuɗinta tun a kasafin farko, kuma a sa ta cikin ciniki: mai shagon da ya ƙi rage kuɗin firiza yakan yarda ya rage na sitabilaiza idan a wurinsa za a haɗa duka biyun. Wannan dama ce da shafin intanet ba ya bayarwa.

Ranar da kaya suka iso, ta kowace hanya, kada a sallami direba sai an buɗe kwali a gabansa. A duba lambar jikin firizar da ta rasit, a duba kusurwoyi ko akwai lotsawa, a sa takarda a bakin murfi a rufe a ja: idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ba ta kamawa. Idan ta intanet ce, a ɗauki bidiyon buɗewar tun daga yanke igiyar kwali, domin shi ne hujja idan an zo mayarwa. Kada a jona ta nan take. A bar ta a tsaye na wasu sa'o'i man kwamfuresa ya koma mazauninsa, idan kuma an san an karkata ta a hanya, a bar ta ta kwana. Bayan an kunna ta babu kaya a ciki, cikin sa'a ɗaya zuwa biyu bangon ciki zai fara yin farar raɓa mai sanyi ta kowane gefe, jikin waje kuma ya yi ɗumi. Idan gefe ɗaya ne kawai ya yi sanyi, ko kwamfuresa tana tashi ta yi ƙas ta mutu bayan 'yan daƙiƙu alhali wuta tana da ƙarfi, a kashe, a kira mai shago a ranar, kuma kada a bari mai gyaran unguwa ya taɓa ta, domin da zarar ya buɗe bututu garantin ya faɗi.